Gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro: yadda ake yin sa, da inda layin ke ruɗin mutum

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, a kusan kowane gidan likita na jihar Maradi, tun daga unguwannin birni har ƙauyukan Madarumfa, Tibiri da Gidan Rumji, yaron da aka kawo da zafin jiki sai an huda masa yatsa an ɗiga jini a wani ɗan farin kaset na roba. Ma'aikatan lafiya suna kiran sa TDR. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro sai an tabbatar da cutar ta hanyar gwaji, kuma a wuraren da babu madubin likita da mai duba shi, wannan kaset ne ya sa hakan ya yiwu. Irin ƙirarsa ce ake amfani da ita wajen gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere, amma zan tsaya a kan na zazzaɓi, don shi ne aka fi yi a nan, kuma wanda ya fahimce shi ya fahimci sauran.

Abin da nake so ya zauna wa mai karatu shi ne, kaset ɗin tambaya ɗaya tak yake amsawa: shin akwai wani furotin na ƙwayar cutar a cikin wannan ɗan jinin? Ba ya faɗin ko ƙwayar tana raye, ba ya kuma faɗin ko ita ce ta kawo zafin jikin yau. Yawancin kuskuren da ake yi, ko dai daga hannun mai gwaji yake fitowa, ko daga ɗora wa layin abin da bai faɗa ba.

Abin da ke cikin kaset

In ka fasa robar, za ka tarar da siririyar takarda mai sassa huɗu da aka jera, bakin kowane yana hawa kan na gaba. Sashe na farko shi ke karɓar jini da ruwan gwaji. Na biyu yana ɗauke da busassun sinadaran garkuwa waɗanda aka manna wa ƙananan ƙwayoyin zinariya, kuma wannan zinariyar ce ke ba layi launinsa na ja mai duhu. Na uku shi ne farin filin da kake gani ta taga, inda aka shafa layi biyu marasa launi, ɗaya a gefen harafin T, ɗaya a gefen harafin C. Na huɗu kauri gare shi, aikinsa ya tsotse ruwan da ya wuce don kada ya dawo baya.

Babu batir, babu inji. Ruwan yana tafiya cikin takardar ne kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Ruwan gwajin da ke cikin ƴar kwalba yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, furotin ɗin ƙwayar cutar ya fito fili, sannan ya kwashi komai ya yi gaba. In furotin ɗin yana nan, sinadaran garkuwa masu zinariya suna kama shi. Da suka iso layin T, akwai wasu sinadaran garkuwa da aka kafe a wurin, su ma su kama furotin ɗin ta wani gefen. Sai ya zama furotin yana tsakiya, zinariya ta taru a wuri ɗaya, layi ya bayyana. In babu furotin, babu abin da zai tsayar da zinariyar a T, sai ta wuce. A layin C kuwa an kafe abin da ke kama masu zinariyar kai tsaye, ko da cuta ko babu.

Wannan yana nuna iyakar layin C. Shaida ce cewa ruwa ya yi tafiya kuma zinariyar ta iso. A kaset da yawa zai fito ko da ba a sa jini ba sam, ruwan gwaji kawai aka ɗiga. Don haka ba ya tabbatar da cewa jinin ya isa, ba ya kuma tabbatar da cewa zafin rana bai lalata layin T ba.

Furotin iri biyu ake nema. Na farko sunansa HRP2, ƙwayar falsifarum ce kaɗai ke yin sa, ita ce kuwa ke kawo mafi yawan zazzaɓin cizon sauro a Nijar, ita ce kuma mai kisa. Na biyu pLDH, wanda ƙwaya mai rai ke yi. Kafin ka fara aiki da sabon kwali, duba wanne aka rubuta a jikinsa, domin fassarar sakamakon ta dogara a kan haka.

Yadda ake yin gwajin

Da farko ka karanta takardar da ke cikin kwalin, ko da ka yi shekaru kana gwaji. Kamfanoni sun bambanta. Wani ɗigo 2 na ruwan gwaji yake so, wani 4. Wani a karanta bayan minti 15, wani bayan 20. Ana iya kawo wani samfuri bana, baɗi a kawo wani, hannu kuma ya riga ya saba da na da.

Ka tara kayanka kafin ka taɓa yaro: kaset a cikin ledarsa, kwalbar ruwan gwajin da ta zo cikin kwali ɗaya da shi, abin ɗaukar jini, tsinken huda sabo, auduga mai alkol, busasshiyar auduga, safar hannu, kwalin zuba allurai, alƙalami, da agogo. Agogon salula ya isa. Duba ranar ƙarewar aiki a jikin ledar, ka duba ko ta huje. Kada ka yage ta sai lokacin da za ka yi amfani da ita, musamman a damina, don takardar tana shan danshin iska. Na ga inda ake buɗe kaset goma a jera a kan tebur da safe don a rage ɓata lokaci in layi ya yi tsawo. Niyyar mai kyau ce, amma kaset ɗin da ya yi awa biyu a buɗe cikin watan Agusta ba abin dogaro ba ne. A cikin ledar akwai ƴar jaka mai shan danshi. A wasu samfuran launinta yana sauyawa in ruwa ya shiga, kuma in ya sauya sai a jefar da kaset ɗin.

Rubuta sunan mara lafiya a jikin robar tun kafin huda. Sa safar hannu sabuwa. Ka kama yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsa, a hannun da mutum ba ya aiki da shi sosai, ka goge da alkol, sannan ka jira ya bushe da kansa. Kada ka hura masa iska da baki. Alkol da bai bushe ba yana gauraya da jini, yana kuma sa ɗigon ya bazu a fata maimakon ya taru. Ka huda gefen kan yatsa, ba tsakiya ba, ka jefa tsinken a kwalin allurai nan take. Ga jariri ƙarami, gefen diddige ake hudawa. In jinin bai fito ba, ka shafo yatsan a hankali daga tushe, amma kada ka matse shi da ƙarfi, don ruwan nama zai fito ya tsinka jinin.

Jinin da ake so mikrolita 5 ne a yawancin samfura. Wannan kusan kashi ɗaya ne cikin goma na ɗigon ruwa, ɗan kaɗan ƙwarai. Abin ɗaukar jinin da ke cikin kwali an yi shi ne daidai wannan awo: wani ɗan zobe ne, wani ɗan kofi a kife, wani siririn bututu mai alama. Ka taɓa shi a ɗigon jinin ya cika, ka kai shi ƙaramin ramin kaset ka taɓa takardar har jinin ya sauka duka. Ka yi da sauri kafin ya daskare. Kada ka ɗora yatsa a kan kaset ka matso jini kai tsaye. Wannan ɗabi'a ta yi yawa, illarta kuma tana gaba.

Sai ruwan gwaji. Ka riƙe kwalbar a tsaye, bakinta ƙasa, sama kaɗan da babban ramin, ka ƙirga ɗigon da takarda ta ce. In ka karkata ta, ɗigon yana ƙanƙancewa ko ya zo da kumfa. Ajiye kaset a shimfiɗe a kan tebur, ka rubuta lokacin a jikinsa, misali 9:40, ka kunna agogo. A ranar da mutum arba'in ke jira, ba wanda zai iya riƙe lokacin kowane kaset a ka.

In lokaci ya cika, ka karanta a wuri mai haske, bakin taga ko ƙofa, da dare kuma da tocila mai ƙarfi. Layi a C kaɗai: ba a ga furotin ba. Layi a C da T: an gan shi, ko da na T ɗin dishi-dishi ne da ƙyar ido ke kama shi. Babu layi a C: gwajin ya lalace, ko da T ya fito jawur, sai a sake da sabon kaset. In kaset ɗinka mai layi uku ne, da Pf na falsifarum da Pan na kowane jinsin ƙwayar, kowanne a cikinsu ya fito tare da C an ga furotin ɗin.

Inda hannu ke ɓata sakamako

Jini mai yawa shi ne na farko. Mutum yana ganin kamar ƙarin jini zai ƙara tabbaci, alhali ruwan gwajin ba zai iya wanke shi ba. Tagar sai ta zauna ja, layin T mara ƙarfi ya ɓace a cikin jan, a rubuta babu cuta. Alamarsa a bayyane take: in lokaci ya cika taga ba ta yi fari ba, kada ka yarda da rashin layi. Jini kaɗan kuma yana rage furotin ɗin da ya shiga, shi ma ya ba da babu ta ƙarya, kuma wannan ya fi wuyar ganewa, don tagar tas take fitowa, C kuma yana nan.

Na biyu musanya ruwan gwaji. Kwalba ɗaya ce ke zuwa da kaset 25 a kwalaye da yawa, kuma takan ƙare ko ta ɓace kafin kaset su ƙare. Sai a ɗauko ta wani kamfani, ko ta gwajin ƙanjamau, ko ruwan gishirin ƙarin ruwa, wani ma ruwan famfo. An gwada wannan an gani: yana fito da layin T a jinin da babu cuta. Ruwan kowane kamfani an haɗa shi da gishiri da sinadaran da ke hana zinariyar manne wa inda bai kamata ba. In kwalbar ta ƙare, kaset ɗin da suka rage sun tashi aiki har sai an samo irin tata.

Na uku lokaci. Wanda ya karanta a minti 5 zai ga layin masu cuta da yawa a jini, amma zai rasa na masu kaɗan, don layinsu a hankali yake fitowa. Wanda ya bari har awa guda kuma zai iya ganin wani siririn layi a T da ba na cuta ba: takarda ta fara bushewa, ruwan ya dawo baya, zinariya ta kwanta a wurin. Yawancin takardu suna cewa kada a karanta bayan minti 30. Akwai uwayen da ke tafiya gida da kaset, da yamma su ga layi biyu, su dawo rai a ɓace cewa likita ya hana ɗansu magani. Abin da ya dace shi ne a nuna wa uwa sakamakon a lokacinsa, a bayyana mata, sannan a jefa kaset ɗin cikin sharar asibiti, tunda jini ne a ciki.

Na huɗu zafi, kuma mu nan ba ma buƙatar a gaya mana abin da Afrilu da Mayu suke. A jikin kowane kwali an rubuta iyakar zafin da zai iya ɗauka, wasu digiri 30, wasu 40. Ɗaki mai rufin kwano a Dakoro ko Mayahi yana wuce haka da rana tsaka, haka bayan mota da aka ajiye a rana, haka jakar da aka ɗaure a bayan babur. Sinadaran garkuwa furotin ne, zafi yana lalata su a hankali, layin T ya riƙa fitowa da rauni har ya daina, C kuma yana ci gaba da fitowa. Ka ajiye kwalaye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da rufi da bangon da rana ke duka, a kan katako ba a ƙasa ba, ka rataye ma'aunin zafi a wurin. Ba a sa su a wurin ƙanƙara. Ka fara amfani da waɗanda ranarsu ta fi kusa. Kaset da aka saya a tiren mai tallar magani a kasuwa, wanda ya wuni a rana, ni ba zan yanke hukunci a kan ran yaro da shi ba.

Layi ya fito, amma ba shi ne ciwon ba

Ko an yi komai daidai, HRP2 yana da wani hali da dole a sani. Bayan magani ya kashe ƙwayoyin cutar, furotin ɗin yana zama a jini makonni, sau da yawa biyu zuwa biyar, wani lokaci fiye, musamman ga ƙananan yara da waɗanda cutar ta yi wa yawa. Shi kuwa pLDH yana ɓacewa cikin kwanaki, kusan mako guda. Saboda haka ba a amfani da kaset na HRP2 don a duba ko mutum ya warke.

Mu ɗauki misali. Watan Satumba ne, a wani gidan likita da ke kusa da gonakin noman rani na Jiratawa. An kawo yaro ɗan shekara 3, zafin jikinsa digiri 38.9, yana tari kwana uku. An yi gwaji yadda ya kamata, a minti 15 layi biyu sun fito, na T bai kai na C ƙarfi ba. Hanya mai sauƙi ita ce a miƙa maganin zazzaɓi a kira na gaba. Ma'aikaciyar ta tsaya ta tambaya.

"Inna, an ba shi maganin masassara kwanan nan?"

"An ba shi, Malama. Yau kwana goma sha shidda. Nan munka zo."

"Ya shanye duka, safe da dare har kwana ukku? Bai amayar ba?"

"Ya shanye sarai. Ya warke har yana wasa, shekaranjiya waccan tarin ya kama shi."

Ta buɗe rajista ta ga haka ne. Yanzu layin yana iya nufin abu uku: ragowar furotin ɗin ciwon da ya wuce, ko maganin bai gama kashe ƙwayar ba ta dawo, ko sabon sauro ya sake cizon sa. Kaset ɗin ba zai raba mata su ba, kuma raunin layin ba hujja ba ce. Sai ta ɗaga rigar yaron, ta jira ya natsu a cinyar uwarsa, ta ƙirga numfashinsa minti guda cur: 48. Ga yaro daga wata 12 zuwa shekara 5, numfashi 40 ko fiye a minti saurin numfashi ne, kuma tare da tari alamar ciwon huhu ce. Ƙasan ƙirjinsa ba ya lotsawa, yana shan ruwa, bai yi jijjiga ba, idonsa biyu. Ta fara masa amoksisilin bisa nauyinsa, ta kuma sa a ɗauki jini a gilashi a duba da madubin likita, wanda shi ke ganin ƙwayar kanta. In madubi ya ga ƙwayoyi, zazzaɓin ya dawo cikin kwana 28 da magani, sai a bi ƙa'idar ƙasa ta irin wannan hali, a kuma ci gaba da maganin huhu. In bai gani ba, layin tsohon labari ne. Inda babu madubi, sai kaset na pLDH in akwai, ko a tura inda ake da shi. In duka ba za su samu a ranar ba, a tsakiyar damina ba za a bar yaron babu maganin zazzaɓi ba, amma ba za a bar huhunsa ba shi ma, kuma a ce wa uwa ta dawo da shi bayan kwana biyu ko uku, ko nan take in ya ƙi shan ruwa ko numfashin ya tsananta.

Haɗarin da ke cikin wannan misali ba ƙarin maganin zazzaɓi ba ne. Haɗarin shi ne layin ya sa a daina dubawa, a sallami yaro mai ciwon huhu da maganin da ba ya taɓa huhu.

Akwai makamancin haka ga manya da yaran da suka tasa. A inda cutar ta yi yawa, mutane da dama suna yawo da ƙwayar a jini ba tare da ciwo ba, don jiki ya saba. In wani ciwo daban ya kama su, gwaji zai nuna layi, kuma gaskiya ya faɗa, ƙwayar tana nan, a ba su maganinta. Amma a watan Maris, mutum mai zafin jiki da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, ko layi ya fito, sanƙarau ake fara tsoro, tunda Maradi tana cikin yankin da yake ɓarkewa a lokacin zafi da ƙura. Kaɗan daga cikin masu ciwon gaɓoɓi na sanyin ƙashi kuma suna da wani sinadari a jini da ke haɗa zinariyar da layin T ba tare da wata cuta ba. Wannan ba kasafai ba ne, amma a tuna da shi ga dattijon da kullum gwajinsa ke nuna layi, madubi kuma ba ya ganin komai.

Layi bai fito ba, alhali cutar tana nan

Kaset yana da iyakar gani. Ana auna ingancinsa ne a kan ƙwaya 200 a kowace mikrolita ta jini, wato kusan ƙwaya 1,000 a ɗan jinin da ka ɗiga. Ƙasa da haka yana iya gani, yana iya rasawa. A ranar farko ta zazzaɓi, ko ga mace mai ciki wadda ƙwayoyin ke taruwa a mahaifa, ko ga wanda ya sha rabin magani a gida, adadin da ke yawo a jini yana iya zama kaɗan. Shi ya sa in gwaji ya nuna babu, zafin jiki kuma ya ci gaba, ba a ga wani dalili ba, ake sake gwaji bayan kwana ɗaya ko biyu. Kaset na HRP2 kaɗai kuma ba ya ganin sauran jinsunan ƙwayar, irin su malariye da obale, waɗanda ake samu jefi-jefi a Afirka ta Yamma.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne akasin haka: cuta ta yi yawa har ta rufe gwajin. In HRP2 ya cika jini maƙil, wanda bai samu zinariya ba yana riga zuwa layin T ya cike wuraren kamawa, sai masu zinariyar su iso su tarar babu wuri, su wuce. Layin ya fito dishi-dishi, wani lokaci ya ƙi fitowa. Yana faruwa ne ga mafi tsananin ciwo, wato daidai wanda ba shi da lokacin jira. Yaro da ya yi jijjiga, ko ya suma, ko ba ya iya sha ko kama nono, ko yana amai da komai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya yi baƙi, a damina, ba a tsayawa gardama da kaset a kansa. A ba shi allurar artesunat in ana da ita, ko na matsawa ta dubura ga ɗan ƙasa da shekara 6, a tura shi babban asibiti a lokacin, a rubuta a takardar turawa cewa gwaji ya nuna babu amma ana zargin zazzaɓi mai tsanani, don a duba da madubi.

Akwai kuma ƙwayoyin falsifarum da suka daina yin HRP2 gaba ɗaya. An fara bayyana su a ƙasar Peru a 2010, daga baya aka same su da yawa a Eritiriya, Habasha da Jibuti, har Eritiriya ta sauya irin kaset ɗin da take amfani da shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa ta sauya in irin waɗannan ƙwayoyi suna sa a rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na masu cutar. Ma'aikaci ɗaya ba zai iya gano wannan a teburinsa ba, kuma kada ya zama abin fakewa a riƙa ba kowa magani ko gwaji ya ce babu. In ana yawan samun babu a kaset, madubi kuma yana ganin ƙwaya, a fara zargin ajiya, ruwan gwaji da hannun mai yi, don su ne suka fi kusa.

Sauran gwaje-gwajen masu irin wannan ƙira

Matakan hannu ɗaya ne, kuskuren jini, ruwa, lokaci da zafi ma ɗaya ne. Bambancin yana ga abin da layin ke nema. Yawancin kaset na ƙanjamau garkuwar da jikin mutum ya yi suke nema, jiki kuwa yana ɗaukar makonni kafin ya yi ta, har zuwa wata 3. Wanda ya yi gwaji mako guda bayan abin da yake tsoro ya faru, babu ɗin da ya samu ba ta wanke shi ba, sai ya sake. Jariri ɗan ƙasa da wata 18 kuma yana iya ɗauke da garkuwar uwarsa ba tare da cutar ba, don haka wani gwaji ake masa mai neman ƙwayar kanta. Kuma ba a gaya wa mutum yana da ƙanjamau da kaset ɗaya. Tun 2019 shawarar ita ce sai samfura uku daban-daban sun nuna layi a jere. Na tunjere yakan ci gaba da nuna layi tsawon rai ko an warke, don haka mace mai ciki da layinta ya fito a tambaye ta ko an taɓa yi mata allurarsa, amma in babu tabbaci a yi mata magani, saboda abin da ke cikinta.

In kana zargin kwalin da ke hannunka

Akwai alamun da ke nuna matsalar ta kwali ce, ba ta mutum ɗaya ba: kaset da yawa a jere ba su fito da C ba, ruwa yana tsayawa a rabin taga, layin C ya yi rauni fiye da yadda ka saba gani, ko a tsakiyar Satumba ka wuni kana gwada yara masu zafin jiki ba ka ga layin T ko ɗaya ba. Ka dakatar da kwalin, ka buɗe wani mai lambar kaya daban, ka sake gwada mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda ka fi zargi. In sakamakon ya sauya, ka ware kwalin farko, ka rubuta sunan samfurin, lambar kayan da ke kusa da kalmar LOT, ranar ƙarewa, ranar da ya iso, da inda aka ajiye shi, ka kai wa mai kula da magunguna na gundumar lafiyarku, domin mai yiwuwa an raba sauran kwalayen wannan lamba a wasu gidajen likitan. Waɗanda ka sallama da babu a wannan ranar kuma, ka duba rajista ka aika a kira su a sake musu gwaji.